Awa Goma na Murya: Yadda Ake Koya wa Kwamfuta Rubuta Hausa

A shekarar 2020 wasu masu bincike a kamfanin Facebook suka fitar da wani sakamako da ya ɗaga hankalin masu aikin sarrafa murya. Sun ɗauki wata manhaja mai suna wav2vec 2.0, suka ba ta magana ta minti goma kacal wadda aka rubuta abin da aka faɗa a cikinta, sai ga shi tana rubuta Turanci da kuskuren da bai wuce kalma biyar zuwa takwas a cikin ɗari ba. Kafin wannan lokaci, irin wannan aiki sai an tara ɗaruruwan awanni na rubutacciyar murya.

Labarin ya yi daɗin ji, musamman ga masu harsuna irin Hausa. Sai dai akwai abubuwa biyu da ba kasafai ake haɗawa da shi ba in ana ba da shi. Kafin a ba manhajar minti goman nan, ta riga ta saurari awa 53,000 na Turanci wanda ba a rubuta ba. Sannan a lokacin jarrabawar an jingina mata wata manhajar dabam da ta haddace tulin littattafan Turanci, tana gyara mata kalmomi. Ɗalibin da ke zaune a Kano ko Zinder da awa goma na hirar rediyo a kwamfutarsa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan a shirye. Duk da haka aikin yana yiwuwa, kuma abin da ke yanke hukunci a kansa sau da yawa tsabtar rubutu ne da gaskiyar jarrabawa, fiye da ƙarfin kwamfuta.

Yau babu mai fara wannan aiki daga tushe. Ana ɗauko manhajar da wani babban kamfani ya riga ya horar, a yi mata ƙarin horo da ɗan abin da ke hannu. Uku ne aka fi ɗauka. Akwai XLS-R ta shekarar 2021, wadda ta saurari awa 436,000 a harsuna 128. Akwai Whisper ta kamfanin OpenAI, ta 2022, mai awa 680,000, wadda Hausa na cikin jerin harsunanta, amma in aka gwada ta da Hausa ba tare da ƙarin horo ba takan yi ta shirme. Sai MMS ta kamfanin Meta, ta 2023, wadda ke rubuta harsuna sama da 1,100, har da Hausa.

XLS-R ce ta fi sauƙin bayani. Ta yi kama da yaron da ya tashi a babbar tasha, ya shekara yana jin Barebari da Fulani da Yarbawa da Buzaye suna ciniki: kunnensa ya san bambancin sautuka sarai, amma ba a taɓa ba shi alƙalami ba. Ƙarin horon shi ne ba shi alƙalamin. Ba ji ake koya wa manhajar ba, wannan ta riga ta iya. Ana nuna mata ne cewa wannan sautin shi ake rubutawa da "ƙ", wancan kuma da "k". Shi ya sa awa goma ke iya wadatarwa, kuma shi ya sa duk kuskuren da ke cikin rubutun awa goman nan take ɗauke shi a matsayin doka.

Muryar Hausa da aka rubuta kuma aka bari a fili ba ta da yawa, kuma kowane tari da halinsa. Tun a 2012 wasu masu bincike na cibiyar fasaha ta Karlsruhe da ke Jamus suka naɗi muryoyin mutum kusan ɗari, akasari a Kamaru, suna karanta labaran jarida. Shirin Common Voice na Mozilla yana tara muryoyin 'yan sa kai da ke karanta gajerun jimloli a waya. Tarin FLEURS na Google, na 2022, yana da kimanin awa 12 ga kowane ɗaya daga harsuna 102, kuma jimlolinsa fassara ce daga Turanci. Hausar MMS ta dogara sosai a kan karatun Sabon Alkawari. NaijaVoices kuma ya tara kimanin awa 600 ga kowane ɗaya daga Hausa da Ibo da Yarbanci, wanda babban ci gaba ne.

Amma galibin waɗannan mutum ne ya nutsu yana furta jimla ɗaya tsaf. Ba haka ake magana a shirin kiran waya na rediyo ba, inda mai kira ke tsaye a bakin titi, Keke Napep na wucewa, ya fara magana ya katse ya sake, mai gabatarwa na tsoma baki da "to, to, madalla". Wanda yake son manhajarsa ta rubuta irin wannan magana dole ya nemi irinta ya rubuta da hannu. Rubuta awa guda na hira a tsanake, ana yankawa ana komawa baya, yakan cinye wa mutum wuni guda ko fiye. Nan ne ƙarancin ya samo asali.

A ɗauka wata ƙaramar tawaga ta ɗalibai ta samu izinin wani gidan rediyo da na masu magana, ta tattara awa goma na shirin manoma, ta kuma rubuta shi. Matakin farko shi ne daidaita sautin. Waɗannan manhajoji duka suna son sauti mai awo 16,000 a daƙiƙa, a layi ɗaya, kuma umarni guda ya isa:

```
ffmpeg -i hira.mp3 -ar 16000 -ac 1 hira.wav
```

In aka manta da wannan, aka ba ta sauti mai awo 44,100 tana zaton 16,000 ne, za ta ji maganar a ja kamar kaset ɗin da batirinsa ya yi sanyi, kuma ba lallai ta yi ƙorafi ba. Sai dai a ga horo ya ƙi ci gaba. Bayan haka sai a yanka hirar gunduwa-gunduwa, kowace daga daƙiƙa biyar zuwa ashirin, a wurin da mai magana ya numfasa, ba a tsakiyar kalma ba. Awa goma daƙiƙa 36,000 ne, don haka za a samu gunduwa wajen 3,600, kowace da layin rubutunta.

Daga nan ne ainihin wahalar ke farawa, kuma ba ta kwamfuta ba ce. In mutum huɗu suka raba aikin rubutun, za a samu Hausa huɗu. Ɗaya yana da allon rubutu mai haruffa masu lanƙwasa, yana rubuta "ƙasa" da "ɗaki" da "ɓera". Na biyu wayarsa ba ta da su, sai ya rubuta "kasa" da "daki". Na uku ya saba da tsohon salon saƙon waya, yana sa "k'asa". Na huɗu ɗan Maraɗi ne, a makaranta an koya masa "ƴaƴa", alhali abokansa na Nijeriya "'ya'ya" suke rubutawa. Ga manhajar, wannan yana nufin sauti ɗaya yana da amsa uku, kuma ba ta da hanyar sanin wacce ce daidai. Abin da takan yi shi ne ta karkata ga wadda ta fi yawa, wato harafin da ba shi da lanƙwasa, ta riƙa jefa mai lanƙwasar jefi-jefi ba bisa ƙa'ida ba.

Raba kalmomi ma haka yake. Wani ya rubuta "yana", wani "ya na". Wani ya haɗe "a kan" mai nuna wuri da "akan" mai nuna sabo. Lambobi kuma dole a mayar da su kalmomi: in mai magana ya ce "dubu biyu da ɗari biyar" aka rubuta 2,500, an ba manhajar alamomi huɗu da waƙafi a madadin kalma biyar da ta ji. Tawagar da ta san abin da take yi takan zauna tun kafin a fara rubutu ta fitar da takarda ɗaya ta ƙa'idoji, har da yadda za a rubuta kalmomin Turanci ko Faransanci da ke faɗowa cikin magana, da abin da za a yi da "eh" da "am" da tari.

Akwai wani tarko da ya kama mutane da yawa. Yawancin darussan da ake koyon wannan aiki da su an rubuta su ne don Turanci, kuma suna ɗauke da layin da ke share alamomin rubutu. Wasu na share duk abin da ba ya cikin haruffan Turanci, da tsari irin wannan:

```
re.sub(r"[^a-z ]", "", jimla)
```

In aka bi da Hausa ta cikinsa, "ƙasa" ta koma "asa", "ɗaya" ta koma "aya", "sa'a" ta koma "saa". Ba wani saƙon gargaɗi da zai fito. Hanyar gano shi mai sauƙi ce: kafin a fara horo, a sa kwamfuta ta jero duk haruffan da suka rage a cikin rubutun. Ya kamata a ga wajen talatin, da ɓ da ɗ da ƙ a ciki, da alamar hamza iri ɗaya tak. In an ga hamza iri uku, miƙaƙƙiya da mai karkata dama da mai karkata hagu, to waya da kwamfuta sun saka nasu, sai a mayar da su ɗaya.

Wani abu kuma ya zo wa Hausa da sauƙi. Rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka "gari" na zama da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya. Manhajar ba ta bukatar ta bambance su kafin ta rubuta daidai. Masu aiki a kan Yarbanci, inda ake sa alamomin karin sauti a kan wasula, ba su samu wannan rangwamen ba.

Kafin horo sai a raba awa goman uku: takwas na koyo, ɗaya na dubawa ana cikin tafiya, ɗaya kuma a kulle shi sai ranar jarrabawa. Yadda aka yi rabon ya fi adadin muhimmanci. In aka zuba gunduwoyi 3,600 aka gauraya aka ɗebo, muryar mai gabatar da shirin za ta faɗa ko'ina, a koyo da a jarrabawa. Manhajar za ta ci jarrabawa don ta san muryarsa da makirufonsa da gaisuwar da yake buɗe shiri da ita kullum, a yi ta murna, ranar da aka kawo muryar wata tsohuwa daga ƙauye kuma ta faɗi warwas. Rabon gaskiya shi ne na mutane: duk wanda muryarsa ke cikin jarrabawa, kada a ji shi ko sau ɗaya a cikin koyo. Sakamakon zai fi muni a takarda, amma shi ne wanda za a gani a waje.

Shi kansa horon, a XLS-R, yana tafiya ne da wata dabara mai suna CTC wadda aka ƙirƙiro a 2006. Manhajar tana yanka kowace daƙiƙa gida hamsin, a kowane gida ta ce wane harafi take ji, ko kuma ta sa alamar "babu". Daga baya sai a haɗe haruffan da suka maimaitu a jere, a zubar da alamun "babu". Amfanin wannan shi ne ba sai an gaya mata a wace daƙiƙa aka furta wane harafi ba, ita ke lalubowa. Amma yana da wani lungu da ya shafi Hausa kai tsaye. Don ta rubuta "babba" maimakon "baba", sai ta sa alamar "babu" a tsakanin "b" biyun, in ba haka ba za su haɗe su zama ɗaya. Hausa cike take da irin wannan nanatawa, su "hannu" da "kulle" da "tattara", kuma ɓacewar harafi ɗaya daga cikin biyun na daga kurakuran da ya kamata a fara dubawa.

Ƙaramar XLS-R tana da ma'aunai miliyan 300 a cikinta, kuma tana iya horuwa a kan na'urar da dandalin Colab ke bayarwa kyauta, muddin ana adana aiki a kai a kai, don yakan katse mutum ba sallama. Akan daskarar da sashen farko na manhajar, wanda ke karɓar ɗanyen sauti, kada a taɓa shi, saboda awa takwas ba za su gyara abin da dubban awanni suka gina ba, sai dai su ɓata. Sauran sassan kuma a riƙa motsa su kaɗan-kaɗan. A MMS an ƙara rage aikin: ana iya barin uwar manhajar yadda take, a horar da wani ɗan ƙaramin sashe na harshen kawai.

Sabon shiga yakan tsorata a farkon horo. Zagaye ɗari, ɗari biyu, manhajar ba ta rubuta komai sai fili, kuskure ɗari bisa ɗari. Wannan ba lalacewa ba ce. Ta gano cewa faɗin "babu" a ko'ina shi ne hanya mafi arha ta rage laifi, kuma sai daga baya take fara fito da wasula, sannan baƙaƙe, sannan kalmomi. In har aka daɗe ƙwarai ba ta fita daga wannan hali ba, to a koma a duba awon sautin, ko girman matakin da ake motsa ta da shi, ko kuma rubutu da murya sun saɓa layi.

Haɗarin gaske yana can gaba. Da yake abin koyon kaɗan ne, manhajar tana zagaya shi sau da yawa, har ta fara haddace shi. Alamar ita ce kuskurenta a kan awa takwas na koyo yana ta sauka, amma a kan awa ɗaya na dubawa ya tsaya cik ko ya fara hawa. A nan ake tsayawa, a koma a ɗauki kwafin da aka adana lokacin da na dubawar ya fi ƙasa. Ana jinkirta haddar da 'yan dabaru: a ƙara wa muryar sauri da kashi goma, a kuma rage mata da kashi goma, awa takwas su zama kusan 24, a toshe wasu ɓangarorin sautin da gangan, a cusa ƙarar kasuwa ko ta janareta a bayan magana. Duk wannan yana taimakawa, amma mutum ashirin da aka sauya wa sauri har yanzu mutum ashirin ne.

Whisper kuwa nata ciwon dabam ne. Ita tana tsara jimla ne kalma bayan kalma, shi ya sa rubutunta kan fito sumul, da manyan haruffa da aya. In ta rasa abin da ta ji, ko aka yi shiru mai tsawo, takan ƙirƙiro jimlar da ba wanda ya faɗa, ko ta kama kalma uku ta yi ta maimaitawa. Kuskuren XLS-R yakan fito a fili, kalma a karye. Na Whisper yakan zo da kyakkyawar Hausa, wanda ga ɗan jarida ko ma'aikacin asibiti ya fi zama abin tsoro.

Ma'aunin da kowa ke ambata shi ne WER, kuma lissafinsa bai da wuya: `WER = (S + D + I) / N`. Wato a tara kalmomin da aka musanya, da waɗanda aka yar, da waɗanda aka ƙaro, a raba da yawan kalmomin asali. A ce mai magana ya faɗi jimla mai kalma goma: "Manoma sun kai ƙara wurin hakimi a kan rikicin gona." Manhajar ta rubuta: "manoma sun kai kara wurin hakimi akan rikicin gona." An musanya "ƙara" da "kara", kuskure ɗaya. Haɗe "a kan" ya jawo biyu, musanya ɗaya da yarwa ɗaya. Uku cikin goma, kashi 30. Amma in da haruffa aka ƙirga, har da filayen da ke tsakanin kalmomi, kuskure biyu ne cikin 51, bai kai kashi huɗu ba, kuma duk Bahaushen da ya karanta ya san manoman ba karan dawa suka kai wa hakimi ba.

Ga wata kuma mai kalma goma: "Likita ya ce kada a ba yaron maganin da dare." In manhajar ta yar da "kada" kaɗai, kuskurenta kashi goma ne, ya fi na farkon kyau sau uku a lissafi, alhali ta juya umarnin likita. Don haka adadin shi kaɗai ba ya isa. Mai aikin kirki yakan zauna da gunduwa ɗari daga cikin na jarrabawa, ya sa abin ji a kunne, ya ware kurakuran: na lanƙwasa nawa, na raba kalma nawa, na sunayen mutane da garuruwa nawa, na ainihin rashin ji nawa. Ba abin mamaki ba ne a tarar a wasu wuraren manhajar ce ta yi daidai, mai rubutun ne ya yi kuskure.

Sannan a fasa sakamakon gida-gida: maza da mata, ɗakin naɗi da kiran waya, Kananci da sauran kare-kare. In masu koyarwar duk Kanawa ne, Basakkwacen da ya ce "biyat" ko "hwaɗi" ko "ɗiya" zai rikita ta. Nan ma akwai shawarar da dole tawaga ta yanke tun farko, ko a rubuta abin da aka furta ko a mayar da shi daidaitacciyar Hausa. Da awa goma, rubuta abin da aka furta ya fi aminci, domin manhajar da ke bin sauti harafi-harafi ba ta da isassun misalan da za ta koyi cewa "ɗiya" ana rubuta ta "'ya".

Akwai hanya biyu na ƙara ƙarfi ba tare da sabon rubutun murya mai yawa ba. Ta farko ita ce wadda masu minti goman nan suka yi amfani da ita: a tara rubutun Hausa zalla, na jaridu da Wikipedia da littattafan da aka samu izininsu, a gina ƙaramar manhajar da ta san wace kalma ke bin wace, da kayan aiki irin KenLM. Ita ce za ta ce bayan "kai" kuma kafin "wurin hakimi", "ƙara" ta fi dacewa. Sharaɗin shi ne a tace rubutun da ƙa'idar da aka bi a na muryar, domin Hausar intanet da yawa ba ta da lanƙwasa, kuma in aka zuba ta haka za ta goge abin da aka sha wahalar koyarwa. Tana kuma da halin mayar da baƙon suna zuwa sananniyar kalma, abin da ke cutar da sunayen ƙauyuka da na magungunan feshi.

Hanya ta biyu ita ce a sa manhajar ta rubuta wasu sababbin awanni da kanta, mutane su bi suna gyarawa. Gyara ya fi rubutu daga farko sauri, in dai masu gyaran suna saurare da gaske, ba amincewa da abin da suka gani a allo kawai suke yi ba. Waɗanne awanni za a zaɓa kuwa, teburin kurakuran nan ne zai nuna. In ya nuna manhajar na faɗuwa a muryar mata masu kira ta waya daga yammacin ƙasar Hausa, to awa biyu na irin wannan murya, daga bakin mutum talatin dabam-dabam, su za a nema a zagaye na gaba, a kuma ware wasu daga cikinsu a ƙara a kan awan jarrabawar da aka kulle.